Idan Aiki Ya Ninka, Sau Nawa Wahala Take Ninkawa?

Akwai abin da ke yawan samun masu koyon rubuta manhajar kwamfuta. Ɗalibi zai rubuta manhajarsa, ya gwada ta da sunaye goma, kafin ƙiftawar ido ta ba shi amsa. Ya gwada da ɗari, haka. Ya gwada da dubu, babu matsala. Ranar da aka zuba mata sunaye dubu ɗari kuwa, sai ta tsaya cik, fankar kwamfuta na ta huci, ana ta jira. Manhajar ba ta lalace ba, kuma da za a yi haƙuri, amsar da za ta bayar daidai ce. Abin da ya faru shi ne dabarar da aka gina ta a kai tana da wani hali da ba ya bayyana sai aiki ya yi yawa.

Wannan hali shi ne malaman kwamfuta suke aunawa idan suna maganar cin lokaci da cin wuri. Tambayoyi biyu ne kawai. Ta farko: idan bayanan da aka ba manhaja suka ƙaru, yaya yawan aikin da za ta yi zai ƙaru? Ta biyu: wane irin fili za ta ƙara nema a ƙwaƙwalwar kwamfuta don ta yi wannan aiki? Duk alamomin lissafin da ke tsorata ɗalibai a wannan fanni, gajerun amsoshi ne na waɗannan tambayoyi biyu. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsu ita ce a ɗauki matsala guda, a warware ta ta hanyoyi uku, a ga abin da kowace hanya take ci.

Me ya sa ba a aunawa da agogo?

Mutum zai iya cewa, ai sai a ɗauko agogo a ga sakan nawa manhajar ta yi. Ana yin haka, kuma yana da amfani, amma bai isa ba. Sabuwar kwamfuta ta fi tsohuwa gudu. Manhajar da aka rubuta da C takan fi wadda aka rubuta da Python sauri, ko da dabararsu ɗaya ce. Kwamfuta guda ma takan yi nauyi idan an buɗe mata abubuwa da yawa. Saboda haka agogo yana gaya maka halin wannan na'urar ne a wannan ranar, ba halin dabarar ba.

Shi ya sa ake ƙirga matakai. A duba aikin da manhajar take maimaitawa, misali kwatanta lamba da lamba, a tambaya sau nawa za ta yi shi. Yawan bayanan da aka ba ta kuwa, ana kiransa `n`. Idan lambobi dubu ne, `n` dubu ne. Idan miliyan ne, `n` miliyan ne. Abin da ake nema shi ne dangantakar da ke tsakanin `n` da yawan matakai, domin ita ce ba ta canzawa ko an sauya na'ura.

Matsalar: wa ya yi rajista sau biyu?

Mu ƙaddara wata ƙungiyar manoma za ta raba taki. Kowane manomi ya rubuta lambar wayarsa a kati, an tara katunan a gaban magatakarda. An ce masa ya tabbatar babu lambar da ta fito sau biyu. Aikin ke nan, ba ƙari.

Hanya ta farko ita ce wadda take fara zuwa wa kowa. Magatakarda ya ɗauki katin farko, ya kwatanta shi da duk sauran. Ya ɗauki na biyu, ya kwatanta shi da duk waɗanda ke bayansa. Haka zai yi ta yi har ya kai ƙarshe. Ga yadda take a Python:

```python
def akwai_maimaici(jeri):
    for i in range(len(jeri)):
        for j in range(i + 1, len(jeri)):
            if jeri[i] == jeri[j]:
                return True
    return False
```

Yanzu mu ƙirga. Idan katunan goma ne, na farko za a kwatanta shi da tara, na biyu da takwas, na uku da bakwai, har a sauko kan ɗaya. Jimilla 45. Kamar mutum goma ne a zaure, kowa ya miƙa wa kowa hannu: musafaha 45 za a yi. Idan katunan suka zama 100, kwatancen zai zama 4,950. Idan suka zama 1,000, zai zama 499,500. A lura da abin da ke faruwa: duk lokacin da katunan suka ninka sau goma, aikin yana ninkawa kusan sau ɗari. Dalili shi ne kowane sabon kati ba aikinsa kaɗai yake kawowa ba, yana ƙara wa duk katunan da suka riga shi aiki.

Ƙa'idar wannan ƙirga ita ce `n(n-1)/2`, wato kusan rabin `n` sau `n`. Don mu ji nauyinta, mu ƙaddara kwamfutarmu tana iya kwatance miliyan 100 a sakan guda. Katuna 1,000 za ta gama su tun kafin mutum ya ɗaga yatsa daga madanni. Katuna 100,000 suna bukatar kwatance kusan biliyan 5, wato sakan 50. Katuna miliyan guda suna bukatar kusan biliyan 500, wato sakan 5,000, kimanin awa ɗaya da minti 23. Na'urar ba ta canza ba, manhajar ba ta canza ba, yawan katuna ne kaɗai ya canza.

Irin wannan hali shi ake rubutawa `O(n²)`. Ana kiran alamar babban O. Masanin lissafi ɗan Jamus Paul Bachmann ne ya fara amfani da ita a 1894, Edmund Landau ya yaɗa ta, daga baya Donald Knuth ya taimaka ƙwarai wajen zaunar da ita a ilimin kwamfuta. Ma'anarta a nan ba ta wuce wannan ba: aikin yana girma kamar `n` sau `n`.

To ina rabin nan da ke cikin ƙa'idar ya tafi? An jefar da shi da gangan. Rabi zai rage awa biyu ta koma ɗaya, amma ba zai hana aikin ninkawa sau huɗu ba idan katuna suka ninka sau biyu. Babban O ba ya faɗin ainihin adadin matakai, yanayin girmansu yake faɗi. Haka kuma ake jefar da ƙananan sassa: idan `n` miliyan ne, `n` sau `n` ya kai tiriliyan, ƙarin miliyan guda a kansa ba ya sauya komai.

Akwai kuma batun sa'a. Idan katin farko da na biyu lambarsu ɗaya, kwatance guda ya wadatar, an gama. Amma ba a gina manhaja a kan sa'a. Yawanci ana ƙirga hali mafi tsanani ne, kuma a wannan matsala halin shi ne a ce babu maimaici ko ɗaya, domin sai an duba komai kafin a iya cewa babu.

Wannan hanya tana da abin yabo guda. Magatakarda ba ya bukatar komai sai yatsu biyu: ɗaya a kan katin da yake riƙe da shi, ɗaya a kan wanda yake dubawa. Su ne `i` da `j` a cikin manhajar. Ko katuna goma ne ko miliyan goma, yatsun nan biyu ne. Idan ƙarin wurin da dabara take nema ba ya ƙaruwa da yawan bayanai, ana rubuta `O(1)`. Wurin da katunan kansu suka ci ba a sa shi a wannan lissafi ba, domin kowace hanya aka bi suna nan. Abin da ake dubawa shi ne ƙarin da dabarar ta nema.

Hanya ta biyu: a jera tukuna

Magatakarda mai wayo zai ce, bari in fara jera katunan daga ƙaramar lamba zuwa babba. Da zarar sun jeru, duk lambobin da suka yi daidai dole su zauna kusa da juna. Sai ya bi jerin sau ɗaya, yana kwatanta kowane kati da maƙwabcinsa. Katuna miliyan, kwatance miliyan ba ɗaya. Wannan ɓangare ba shi da wuya. Tambayar ita ce, jerawar nawa za ta ci?

Akwai dabarar jerawa da John von Neumann ya tsara a 1945, kuma har yau ana koyar da ita. A ɗauki katuna biyu-biyu, a jera kowane biyu. Sannan a haɗa tari biyu masu kati biyu-biyu su zama tari guda mai kati huɗu jerarru. Haɗawar tana da sauƙi, domin tunda kowane tari a jere yake, katunan da ke sama kaɗai za a duba, a ɗauki ƙarami, a sake duba na sama. Daga huɗu-huɗu a koma takwas-takwas, daga nan sha shida-sha shida. A kowane zagaye ana taɓa kowane kati sau ɗaya, girman tarin kuma yana ninkawa.

Zagaye nawa za a yi kafin komai ya zama tari guda? Daidai yawan lokutan da za a ninka ɗaya kafin a kai `n`. Ninki goma yana kai mutum 1,024. Ninki ashirin yana kai shi 1,048,576. Ashe katuna dubu zagaye goma suke bukata, katuna miliyan kuma zagaye ashirin kacal. Wannan adadi na ninki shi ne abin da ake rubutawa `log n`, kuma babban sirrinsa shi ne jinkirin girma: katuna sun ninka sau dubu, shi kuwa daga goma ya koma ashirin.

Saboda haka aikin jerawa shi ne `n` sau `log n`. Ga katuna miliyan, miliyan sau ashirin, wato matakai kimanin miliyan 20. A kwamfutar da muka ƙaddara, wannan bai kai rabin sakan ba. Aikin da ya ci awa ɗaya da minti 23 ke nan a hanya ta farko. Ana rubuta shi `O(n log n)`.

Amma ba a samu a banza ba. Haɗa tari biyu yana bukatar fili a tebur inda za a riƙa ajiye sabon tarin, kuma filin yana ƙaruwa da yawan katuna. Sannan jerawa tana rusa tsarin da katunan suka zo da shi. Idan ƙungiyar tana so ta san wa ya riga wa yin rajista, dole a kwafi jerin kafin a jera, kwafin kuma wuri ne. A Python, `sorted(jeri)` sabon jeri yake yi ya bar na asali, `jeri.sort()` kuma yana sauya na asalin. Wanda ya san bambancinsu ya riga ya fara tunanin cin wuri.

Hanya ta uku: a sayi lokaci da wuri

Akwai hanyar da ta fi waɗannan biyu sauri. Magatakarda ya samo akwatuna ɗari, ya rubuta musu lamba daga 00 zuwa 99. Duk katin da ya ɗauka, sai ya duba lambobi biyu na ƙarshe. Idan lambar ta ƙare da 47, ya nufi akwati na 47 kai tsaye, ya duba 'yan katunan da ke ciki. Idan ya ga irinta, ya kama maimaici. Idan bai gani ba, ya jefa katin ciki ya ɗauki na gaba. Ba ruwansa da sauran akwatuna 99.

Abin da ake kira `set` a Python kusan haka yake aiki, sai dai kwamfuta tana lissafo lambar akwati ne daga bayanin da aka ba ta, kuma tana ƙara yawan akwatunan duk lokacin da suka fara cika, ta yadda kullum akwatuna sun fi katuna yawa. Saboda haka dubawa ɗaya ko biyu takan wadatar, komai yawan abin da aka tara.

```python
def akwai_maimaici(jeri):
    gani = set()
    for lamba in jeri:
        if lamba in gani:
            return True
        gani.add(lamba)
    return False
```

Kowane kati ana ɗaukarsa sau ɗaya, a yi masa ɗan aiki kaɗan. Katuna miliyan, matakai 'yan miliyoyi. Idan katuna suka ninka sau biyu, aikin ya ninka sau biyu, ba ƙari. Wannan shi ne `O(n)`.

Kuɗin da aka biya kuwa akwatunan ne. Idan babu maimaici, a ƙarshe duk lambobin suna cikin `gani`, ga kuma akwatunan da ba kowa a ciki, waɗanda dole a tanada don binciken ya yi sauri. Ƙarin wurin yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan bayanai, shi ma `O(n)` ne. Idan an matse kowace lambar waya a cikin bayit takwas, lambobi miliyan za su ci megabayit takwas, wanda ba komai ba ne. Lambobi miliyan ɗari za su ci megabayit 800, kuma `set` na Python yakan ci ninkin-ba-ninkin wannan. A babbar kwamfuta ana iya jurewa. A ƙaramar waya kuwa, ko tsohuwar kwamfutar ofis mai ƙaramin RAM, manhajar za ta iya mutuwa da saƙon `MemoryError`, ko na'urar ta koma ajiye rarar a faifai, ta yi nauyin da ya fi na da.

Nan ne ake ganin cewa babu hanyar da ta fi a kowane hali. Ta farko tana cin lokaci, ba ta cin wuri. Ta uku tana cin wuri, ba ta cin lokaci. Ta biyu tana tsakiya wajen lokaci, kuma akwai dabarun jerawa da ba sa neman ƙarin fili sosai, ga wanda wuri ya yi masa ƙaranci. Zaɓin ya dogara ne da abin da ya fi yi wa mutum tsada.

Ita ma hanyar akwatuna tana da ranar baƙin cikinta. Da magatakarda ya zaɓi lambobi huɗu na farko maimakon biyu na ƙarshe, da ya ga katuna masu farawa da 0803 sun cika akwati guda maƙil, saura kuma wayam. Duba wannan akwati zai zama kamar duba dukan tarin, an koma gidan jiya ke nan. Shi ya sa idan an ce `set` yana bincike a mataki guda, ana nufin a matsakaicin hali, muddin bayanan sun warwatsu cikin akwatuna.

Tarkon da ba a gani

Kuskuren da ya fi kama masu koyo yana cikin layi guda. A manhaja ta uku, a canza `gani = set()` zuwa `gani = []`, a canza `add` zuwa `append`. Manhajar za ta yi aiki, amsarta daidai, tsawonta bai ƙaru ba. Amma yanzu `gani` jeri ne ba akwatuna ba, don haka layin `if lamba in gani` zai riƙa bin abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, tun daga farko, ga kowane kati. A ido zagaye guda ne a rubuce, amma akwai na biyu ɓoye a cikin kalmar `in`. An koma `O(n²)` ba a sani ba. Darasin shi ne, ba layuka ake ƙirgawa ba, aikin da kowane layi yake sa kwamfuta yi ake ƙirgawa.

Kada a ɗauka ɗalibai kaɗai ke faɗawa wannan rami. Wasan kwamfuta mai suna GTA Online, na kamfanin Rockstar, ya shafe shekaru yana ɗaukar mintuna kafin ya buɗe. A farkon 2021 wani mai rubuta manhaja da ke amfani da laƙabin t0st ya binciki dalili. Ya gano cewa wasan yana karanta jerin kayayyaki kimanin 63,000, kuma kafin ya ajiye kowane ɗaya sai ya kwatanta shi da duk waɗanda ya riga ya ajiye, don gudun maimaici. Wato hanyarmu ta farko ce sak, kuma kwatancen ya kusa biliyan 2. Akwai kuma wani kuskure mai irin wannan hali a wajen karanta fayil ɗin. Da ya gyara biyun, lokacin buɗewa ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari a kwamfutarsa. Kamfanin ya tabbatar da binciken, ya saki gyara a watan Maris na shekarar, ya kuma ba shi dala 10,000. Irin wannan kuskure ba ya ciwo muddin jerin gajere ne. Jerin yana tsawo, sai ciwon ya fito.

Yadda za ka gane da kanka

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya bukatar lissafi mai zurfi. Ba manhajarka bayanai 10,000, ka duba lokacin da ta ɗauka. Ka ba ta 20,000, sannan 40,000. Ba sakan ɗin za ka kalla ba, yadda suke ninkawa za ka kalla. Idan kowane ninkin bayanai yana ninka lokaci sau biyu, dabararka `O(n)` ce. Idan ya ɗan haura biyu kaɗan, alamar `O(n log n)` ce. Idan ya ninka sau huɗu, `O(n²)` ce, sai ka nemi zagayen da ke cikin zagaye, ko a fili ko a ɓoye. Ka tabbatar bayanan gwajin na hali mafi tsanani ne. A matsalarmu, idan ka gwada da jerin da ke da maimaici tun a farko, kowace hanya za ta yi kamar walƙiya, ba za ka koyi komai ba. Haka ake yi wa wuri: ka buɗe inda kwamfuta take nuna yawan RAM da manhaja ke ci, ka ga ko yana hawa tare da bayanai.

Sai dai babban O yana da iyaka, kuma ya kamata a san ta. Tunda yana jefar da ƙananan adadi, maganarsa ta fi gaskiya ne idan bayanai sun yi yawa. Ga katuna goma, kwatance 45 ya fi sauƙi a kan nemo akwatuna ɗari. Masu gina manyan manhajoji sun san haka. Dabarar jerawar da Tim Peters ya rubuta wa Python a 2002, idan abubuwan ba su kai 64 ba, tana amfani ne da wata hanya mai sauƙi wadda a takarda `O(n²)` ce, domin a wannan ƙaramin adadi ita ta fi sauri. Haka kuma dabaru biyu za su iya zama `O(n)` dukansu, amma ɗaya ta ninka ɗaya sauri sau biyar. Babban O zai raba maka dabaru gida-gida, agogo ne zai raba waɗanda ke gida ɗaya.

Saboda haka idan malami ko mai ɗaukar aiki ya ce ka bayyana cin lokaci da cin wurin maganin da ka kawo, kada ka fara da alama. Fara da faɗin mene ne `n` a matsalar. Faɗi aikin da ake maimaitawa da sau nawa ake yinsa a hali mafi tsanani. Faɗi abin da ka ajiye a gefe, da ko yana ƙaruwa. Ga hanya ta uku, bayanin zai zama kamar haka: «`n` shi ne yawan lambobin waya. Ina duba kowace lamba sau ɗaya, kuma neman ta a cikin `set` mataki guda ne a matsakaicin hali, don haka lokacin `O(n)` ne. Idan babu maimaici zan ajiye dukan lambobin, don haka ƙarin wurin `O(n)` ne. Idan wuri ya yi ƙaranci, zan jera su a inda suke, in yarda da `O(n log n)`.» Wanda ya iya faɗin wannan game da manhajarsa, zai iya sanin tun kafin a kunna ta ko za ta ɗauki bayanai miliyan, da kuma abin da zai canza idan ba za ta ɗauka ba.